Ƙara wa bureka lamba ba gyara ba ne

1/ Sumon gidan hayarmu ya ƙone, sati biyu ke nan muna sayen ruwa wajen mai garuwa. Kowa na zagin Nepa. Ni dai ina aji uku a injiniyancin lantarki, kuma ra'ayina shi ne mu muka kashe shi da hannunmu. Ku biyo ni.

2/ Burekar da ke kan layin sumon C10 ce. Sai ta fara faɗuwa, a kunna ya yi minti goma ta yanke. Aka kira mai gyaran wuta, ya ce "ta yi ƙarama ne, yallaɓai", ya cire ya sa C32. Ta daina faɗuwa, kowa ya sa masa albarka. Har da ni a masu shiru, wallahi, don ina son yin wanka.

3/ Ku fara da farantin da ke jikin injin ko kwalinsa. Namu 1HP ne, 0.75kW, 230V. Idan ka raba 750 da 230 za ka samu wajen 3.3A, kuma nan mutane ke ruɗewa. Wannan 750 ɗin ƙarfin da injin ke fitarwa ne, abin da yake ja ya fi haka saboda asarar cikin moto. A farantin namu 6A aka rubuta. Da shi ake aiki.

4/ To me ya hana a sa bureka mai 6A kawai? Lokacin tashi moto kan fizgi wajen ninki biyar na abin da yake ja, wato kamar 30A, na ɗan ƙiftawar ido. A nan harafin da ke gaban lambar yake aiki. B tana yankewa nan take a ninki 3 zuwa 5 na lambarta, C kuma a ninki 5 zuwa 10.

5/ Kun ga B6 za ta yanke tsakanin 18A da 30A, injin na tashi ta faɗi. C10 kuwa sai 50A zuwa 100A take yankewar gaggawa, don haka fizgar tashi tana wucewa lafiya. C10 ɗin da aka cire daidai take. Ba ta yi ƙarama ba.

6/ Sai waya. Babban aikin bureka kare waya ne kada ta yi zafi ta kama wuta. Tamu 2.5mm² ce cikin bututu, a zafin garin nan abin da za ta ɗauka lafiya bai wuce wajen 20A ba. Ƙa'idar: lambar bureka kada ta gaza abin da injin ke ja, kada ta wuce abin da waya ke ɗauka. C32 ta wuce. Allah ne ya tsare, da gobara muke magana.

7/ Da aka ciro sumon, yashi ne cike a cikinsa. Yana juyawa da ƙyar, yana jan wuta fiye da kima, shi ya sa C10 ke yankewa. Ko ya cije gaba ɗaya ya tsaya a 30A, C32 ba za ta motsa ba, don bai kai lambarta ba. Haka ya gasu a ƙarƙashin ƙasa muna ta hira.

8/ Yadda bureka ke faɗuwa ma bayani ne. In kana kunnawa ta faɗi, ka zargi waya da ta haɗu, ko kwayil da ya ƙone, ko an sa B a wurin C. In sai bayan mintuna, injin ne ke shan wahala: yashi, kafasita da ta yi rauni, ko wuta mai rauni. A kunna a auna da mita mai cizon waya kafin a taɓa komai.

9/ Na san abin da za ku ce: mai gyara ya fi ɗan jami'a sanin aiki. A ja waya da ɗaura allo, ƙwarai, ya fi ni nesa. Amma mu ne muka ce masa "kawai ta daina faɗuwa", shi kuma ya ba mu abin da muka biya. Haka masu naɗa zaren waya a gurbin fis.

10/ Ita ma C10 ba komai take gani ba. Injin 6A zai iya jan 9A yini guda ba ta yanke ba. Wannan aikin obalod ne na akwatin kwantirol, a saita shi a lambar faranti. In ruwan rijiya ya ƙafe ma, wutar da yake ja raguwa take yi. Kuma ba ta hana wuta kama mutum, sai an haɗa da RCD mai 30mA.

11/ Wajen ɗaurawa: a kashe babban suwici, janareta da inbata ma, a gwada a tabbatar babu wuta. Bureka kan waya mai wuta take zama. A matse sukurori sosai, sako-sako zafi yake kawowa.

12/ Jibi ake sa sabon sumo, bayan an wanke rijiyar. Na sayi C10 da kuɗina, tana cikin jakata, kuma ranar ko akwai lacca ba zan je ba.