Filin Na'ura da Jama'a: Yadda Ake Bin Sawun Buƙata Guda Idan Ta Ɓace

A wannan mako ina so mu leƙa bayan kanta, mu ga abin da ke faruwa daga lokacin da mutum ya buga waya ya ce an cire masa kuɗi amma bai ga abin da ya saya ba, har zuwa lokacin da za a ba shi amsa. Yawancin mutane suna zaton ma'aikacin da ya ce su dakata yana yi musu yanga ne. Sau da yawa kuwa shi ma bawan Allah lalube yake yi cikin duhu, domin waɗanda suka rubuta manhajar ba su bar masa fitila ba.

Fitilar nan ita ce rajistar aiki, wadda masu sana'ar suke kira log. Kowace manhaja, yayin da take aiki, tana rubuta sheɗara bayan sheɗara game da abin da ta yi, kamar yadda akawun asibiti yake shigar da sunan kowane majiyyaci a littafi. Idan wani abu ya lalace, wannan littafi ne injiniyan da ke sauraron koke-koke zai buɗe.

Na taɓa aiki a wani kamfani, ba sai na faɗi sunansa ba, da ke sayar wa jama'a katin wutar lantarki ta waya. Wata ranar Juma'a da dare wata baiwar Allah ta sayi wutar naira 5,000, aka cire kuɗin, lambobin nan 20 da za ta danna a mita ba su zo ba. Ga firjinta cike da ƙanƙarar sayarwa, ga mita tana kukan ƙarewa. Da ta kira, abin da ta iya faɗa shi ne wajen ƙarfe tara da rabi ne, kuma naira 5,000 ce. Abokin aikina ya buɗe rajista, abin da ya tarar shi ne wannan, an maimaita shi ba iyaka:

```
ERROR payment failed
```

Wato biya bai yiwu ba. To, biyan wa? Na nawa? A wane mataki? Ko alama babu. Mutane da dama sun sayi wutar naira 5,000 a wannan tsakani. Daɗin daɗawa, buƙatar matar ta ratsa manhajoji uku ne, wato mai karɓar baƙi a ƙofa, da mai cire kuɗi, da mai karɓo lambobin wuta daga dillali, kuma kowace da littafinta. Biyu suna rubuta agogon Nijeriya, ta ukun tana rubuta agogon duniya na UTC, wanda yake bayan namu da awa guda cif. Sai da ya ɓata lokaci mai tsawo yana neman abin da ya faru ƙarfe tara a shafin da ke cewa ƙarfe tara, alhali a wannan littafin ƙarfe takwas aka rubuta shi. Ba a warware maganar ba sai washegari da hantsi.

Gyaran da muka yi daga baya ya tsaya a kan abu guda, kuma shi ne ginshiƙin zancen duka. Da zarar buƙata ta shigo ƙofa, a raɗa mata lamba wadda ba wata buƙatar da za ta sake samun irinta, sa'an nan wannan lamba ta bi ta duk inda ta je, ta kuma fito a kan kowace sheɗara da za a rubuta game da ita. Tamkar lambar katin asibiti ce, wadda ake rubutawa a wurin likita, da ɗakin gwaji, da wurin karɓar magani. Manhajar ƙofa takan miƙa lambar ga ta gaba a kan goshin saƙo, wasu da sunan `X-Request-ID`, wasu kuma da `traceparent`, wanda ƙungiyar W3C ta tsayar da ƙa'idarsa a shekarar 2020. A wannan ƙa'ida lambar sawun tana da haruffa da alƙaluma 32. Wanda ka zaɓa ba shi ne abin damuwa ba, muddin duk manhajojin gidan sun yarda da suna ɗaya.

Abu na biyu shi ne siffar sheɗarar kanta. Maimakon jimlar da mai rubuta manhaja ya ga dama ya tsara, sai a raba bayanin gurbi-gurbi, kowane gurbi da sunansa, a tsarin da ake kira JSON. Ga yadda matsala irin ta matar nan take fitowa bayan gyara, na gajarta lambar domin ta shiga shafi:

```json
{"ts":"2024-03-08T20:41:17.532Z","level":"error",
 "service":"token","event":"vendor_call_failed",
 "request_id":"7f3c9a21","vendor_ref":"V-20817",
 "meter":"*******4417","error":"timeout",
 "duration_ms":10004,"attempt":2,"will_retry":false}
```

A cikin rajista ta gaskiya duk wannan sheɗara ɗaya ce, ba a karya ta. Mu karanta ta tare. Harafin `Z` da ke ƙarshen lokaci yana nufin agogon UTC ne, saboda haka ƙarfe 9:41 na dare ke nan a wurinmu. Manhajar karɓo lambobin wuta ce take magana, ba ta cire kuɗi ba. Ta kira dillali, ta jira daƙiƙa goma da 'yan kai, ba a amsa ba, ta haƙura. Wannan ne karo na biyu, kuma ba za ta sake gwadawa ba. Wannan gurbi na ƙarshe ina ba shi muhimmanci ƙwarai, domin shi ne yake gaya wa ma'aikaci ko ya ce wa mai kira ta ƙara haƙuri na minti biyar, ko kuwa ya tashi tsaye ya yi wani abu da hannunsa.

Amfanin gurabe masu suna shi ne na'ura tana iya tace su. Da umarni ɗaya ma'aikaci zai tsamo labarin buƙatar nan kaɗai daga cikin littattafan uku:

```
jq -c 'select(.request_id=="7f3c9a21")' *.log
```

Sai sheɗaru shida ko bakwai su fito: an karɓa, an cire kuɗi, an kira dillali, shiru, an sake kira, shiru, an haƙura. Amma fa wannan ba ya yiwuwa sai an riƙe sunayen gurabe da amana. Idan wannan ya rubuta `request_id`, wancan ya rubuta `reqId`, to rabin labarin ya salwanta ba tare da kowa ya sani ba. Haka kuma gurbin `event` kada a riƙa sauya masa lafazi, ko a cusa lambar mita a cikinsa. Ya zauna yadda yake kullum, abin da ke canzawa ya tafi nasa gurbin.

Yanzu ga wurin da na fi son mai karatu ya tsaya. Shirun dillali ba ya nufin bai yi aikin ba. Yana yiwuwa saƙonmu ya isa gare shi, ya fitar da lambobin wutar, ya cire daga asusunmu, amsar ce kawai ta makara a hanya. Abin da ya faru da matar nan ke nan: lambobinta suna can a ajiye tun daren, ba wanda ya san yadda zai tambaye su. Idan ma'aikaci ya mayar mata da kuɗi, kamfani ya yi asara. Idan ya sake saya mata, an biya sau biyu. Mafita ita ce gurbin nan `vendor_ref`, wato lambar da muka aika wa dillali da ita, wadda shi ya san cinikin da ita. Kuma lalle a rubuta ta a rajista kafin a yi kiran, ba bayansa ba. Dalili kuwa, idan manhajar ta faɗi ana tsakiyar jira, ba za ta rayu ta rubuta komai ba, sheɗarar da aka rubuta kafin kira ita ce kaɗai shaidar da za ta rage. Da wannan lamba a hannu, ma'aikaci zai tambayi dillali matsayin cinikin, ya karɓo lambobin, ya aika wa mai su.

Akwai kuma ramin da muka faɗa bayan mun ɗauka mun gama. Wasu ayyukan ba nan take ake yin su ba, ana jefa su ne a layin jira, wata manhaja ta zo daga baya ta ɗauka. Mun manta ba mu sa lambar buƙata a cikin saƙon da ake jefawa ba, sai mai ɗauka ta riƙa raɗa sabuwa. Alamar wannan ciwo a bayyane take: ka bi sawu lafiya lau har zuwa sheɗarar da ta ce an sa a layi, daga nan sawu ya ɗauke kamar an share da tsintsiya. Duk wanda ya ga haka kada ya zargi rajista, ya je ya duba abin da ake sawa a cikin saƙon.

Wani zai ce to ai sai a rubuta komai da komai a huta. A'a. Dubi yadda aka rufe lambar mita aka bar huɗun ƙarshe, waɗanda sun isa a tabbatar da mai kira. Lambar sirri ta katin banki, da lambobi ukun da ke bayansa, da kalmar sirri, ba su da gurbi a rajista ko kaɗan, haka ma lambar BVN. Rajista littafi ne da hannaye da yawa suke taɓawa, ana kuma kwafe shi zuwa wurare dabam-dabam, ga shi tun shekarar 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Yawan surutu ma illa ne. Kuskure ɗaya a rubuta shi sau ɗaya, a wurin da aka yanke shawarar abin da za a yi da shi. Idan kowane mataki ya sake shelanta shi, sai mai bincike ya ga kurakurai biyar ya ɗauka gobara ce.

Saura abu guda, wanda injiniyoyi suka fi mantawa da shi saboda ba a cikin rajista yake ba. Duk wannan tanadi bai amfana komai ba idan mai kira ba ta san lambarta ba. Masu tura kuɗi tsakanin bankunan ƙasar nan sun saba ganin doguwar lambar nan da ke kan rasit, wadda banki yake tambaya idan kuɗi sun maƙale. Hikimar ɗaya ce. Saboda haka muka sa duk saƙon ban haƙuri da zai bayyana a wayar mai saye ya ƙare da haruffa takwas na farkon lambar buƙatarsa, domin ba wanda zai iya karanta haruffa 32 ta waya a cikin hayaniyar kasuwa. Takwas ɗin, haɗe da ranar ciniki da ƙarshen lambar mita, sun wadatar a gano shi. Tun daga lokacin, tambayar farko da ma'aikacinmu yake yi ita ce: "Hajiya, don Allah karanto mini haruffan da ke ƙasan saƙon."

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.