Mai Ciwon Sukari Ya Fara da Gwajin Hanta

Idan likita ya gaya wa mutum yana da ciwon sukari, sai hankalin gidansa duka ya koma kan kwanon tuwo. A rage shinkafa, a janye zuma, a nemo acca, kowa ya kawo tasa dabara. Wannan ba laifi. Amma akwai wani sha'ani da ba safai ake tada shi a ɗakin likita ba, watau alluran rigakafi. Galibinmu mun ɗauka rigakafi na jarirai ne da mata masu ciki, magidanci kuwa ya wuce wurin. Ga mai ciwon sukari wannan zato yana iya jawo hasara babba, gama sukarin da ya yi yawa cikin jini yakan rage ƙarfin ƙwayoyin da ke tsaron jiki, cutar da ta shiga kuma takan ƙara ta da sukarin sama. Kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta.

Allurai uku ne likitoci suka fi ambata: ta mura mai tsanani, ta ciwon haƙarƙari wanda ake kira nimoniya, da ta ciwon hanta nau'in B. A littattafan Turawa ta mura ke zuwa farko. Mu a ganinmu, a wannan ƙasa, ta hanta ya kamata a sa gaba, kuma ga dalilinmu.

Mai ciwon sukari mutum ne da ake yawan huda wa yatsa don auna jini, wani ma yana yi wa kansa allurar insulin kowace rana. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa ta jini take bi, kuma tana da taurin rai, tana iya kwana bakwai ko fiye cikin busasshen jini a jikin ƙarfe ko roba ba ta mutu ba. Ɗigon da ido bai gani ya isa. A Amirka an sha samun ɓarkewar cutar a gidajen jinyar tsofaffi, da aka bi sawu sai aka tarar abin huda yatsa guda ake zagayawa da shi tsakanin mutane. Ko an sake tsinin, jini yakan maƙale a bakin alkalamin da ke harba shi. Saboda haka cikin 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta can ta ba da shawara a yi wa duk mai ciwon sukari daga shekara 19 zuwa 59 rigakafin, wanda ya kai 60 kuwa likitansa ya duba ya yanke.

To, in haka ta faru a ƙasar da masu ɗauke da ƙwayar ba su da yawa, ina ga tamu? Binciken da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, akasarinsu kuwa ba su sani ba, don cutar takan yi shekaru tana cin hanta ba ta nuna alama. Sai mai karatu ya tuna yadda ake auna sukari a wasu shagunan magani, ko a taron gwajin kyauta, mutane sun yi layi, na'ura ɗaya. Ya kuma tuna cewa sai cikin 2004 aka shigar da wannan allura cikin rigakafin jarirai a Nijeriya. Wanda aka haifa kafin nan, in ba shi ya nema da kansa ba, da wuya a ce ya samu. Kusan duk malaman makaranta da akawunan ofis da suka manyanta suna cikin wannan rukuni.

Bari mu ɗauki misali, don magana ta fito fili. A ce ga wani malamin makaranta mai shekara 48, shekara uku yana shan ƙwayar maganin sukari, bai taɓa karɓar ko ɗaya cikin alluran nan ba. Ya je asibiti a farkon Janairu. Abin da za a fara shi ne ɗibar jini, tun kafin tsinin allurar rigakafi ya taɓa shi. A takardar gwaji zai ga an rubuta HBsAg, wanda ke nuna ko ƙwayar tana jikinsa yanzu, da anti-HBs da anti-HBc, waɗanda ke nuna ko yana da kariya ko ya taɓa haɗuwa da cutar. Akwai hikima cikin sa gwaji gaba. Allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, mutum yana iya biyan kuɗin allura uku ya koma gida da kwanciyar rai alhali hantarsa tana lalacewa. Ban da haka, in aka ɗebi jini 'yan kwanaki bayan allurar, gwajin HBsAg yakan nuna kamar akwai cuta alhali babu, a tayar wa mutum da hankali a banza.

In aka sami ƙwayar a jikinsa, maganar rigakafin hanta ta ƙare gare shi, sai a tura shi ga likitan hanta, a kuma gwada matarsa da 'ya'yansa, a yi wa waɗanda ba su kamu ba allura. In aka ga ya taɓa kamuwa ya warke yana da kariya, ya huta da kashe kuɗi. In kuwa gwajin duka ya fito babu kome, sai a fara: allura ta farko a Janairun nan, ta biyu bayan wata ɗaya, watau Fabrairu, ta uku wata shida daga ta farko, watau Yuli. A dantse ake yi wa babba, ban da ɗuwawu, domin kitsen wurin yakan hana ta aiki sosai. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne ta ukun nan. Wata biyar lokaci ne mai tsawo, ga hidimar makaranta, ga damina, sai a manta. Wanda ya manta kada ya ce shi ke nan, kuma ba a sake farawa daga farko, ya je a yi masa wadda ta rage ko da ya makara.

Amma fa a sani, allurar nan ta fi kamawa ga matashi. Daga shekara 40 zuwa sama, ko ga mai ƙiba, ko mai shan taba, ko wanda sukari ya taɓa wa ƙoda, adadin waɗanda jikinsu ke amsawa yakan ragu. Shi ya sa jinkiri ba shi da riba, a yi ta da zarar an gano ciwon sukarin. Mai ciwon ƙoda kuwa, musamman wanda ake wa wankin jini, akan ƙara masa ma'auni, a kuma sake auna anti-HBs wata ɗaya ko biyu bayan allurar ƙarshe. In lambar ta kai 10 ko ta haura, kariya ta samu.

Ranar da malamin nan ya karɓi allurar hanta ta farko, ana iya yi masa ta nimoniya a ɗaya dantsen, ba sa karo da juna. Wannan tana tsare mutum daga wata ƙwaya da ke kama huhu, wani lokaci ta shiga jini ko ta jawo sanƙarau. Ƙwayar tana da dangi masu yawa, lambar da ke jikin kwalba kuwa ita ce adadin dangin da allurar ke tarewa. In an sami PCV20, guda ɗaya ta wadatar, ba a maimaita ta kowace shekara. In PCV15 aka samu, sai a bi ta da PPSV23 bayan shekara ɗaya. In kuwa PPSV23 kaɗai ke hannu, ko ita aka taɓa yi masa a baya, sai ya bar shekara ta zagayo kafin ya karɓi ɗayar. A nan muna so mu ja kunnen masu ganin babbar lamba su ruga. Akwai wata sabuwa, PCV21, wadda aka tsara bisa dangin da ke damun manya a Amirka, ba ta ƙunshi dangi na 1 ba, shi kuwa yana daga cikin masu haddasa sanƙarau a Afirka ta Yamma. PCV20 tana da shi. Sai a tambayi likita wadda ta dace da inda mutum yake zaune.

Ta mura ba ma dogon bayani a kanta. Ba murar atishawa da majina ake nufi ba, ana nufin mai kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, dangin wadda ta yi ɓarna a duniya cikin 1918. Ga mai ciwon sukari hatsarinta biyu ne: zazzaɓin ya ta da sukari, ko kuwa mutum ya kasa cin abinci yana ci gaba da shan magani, sukari ya faɗi. Ƙwayar tana sake kama, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya take sabunta haɗin allurar sau biyu a shekara, mutum kuwa sau ɗaya zai karɓa kowace shekara. Sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara tsaro, saboda haka mai niyyar aikin Hajji ko Umra, inda cunkoso ke yaɗa ta, kada ya bari sai ana gobe tashi. Ta allura ake so gare shi, ban da irin wadda ake fesawa a hanci. Wannan ba ta cikin rigakafin da ake yi wa jama'a kyauta a nan, nemanta ake yi.

Wani zai ce, to in sukarina ya hau fa? Hawan sukari shi kaɗai ba ya hana allura. Abin da ke sa a dakata shi ne zazzaɓi mai zafi ko rashin lafiya mai tsanani a ranar, ko kuwa in wata allura irinta ta taɓa jawo wa mutum kumburin fuska da toshewar numfashi. Bayan an yi, dantse yakan yi tsami, jiki ya yi ɗumi, sukari ma ya ɗan motsa kwana ɗaya ko biyu. A ƙara yawan aunawa, a sha ruwa, kada a daina magani. A kuma lura da inda za a karɓa, gama alluran nan suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba sa son zafi, ta hanta da PCV kuwa in suka daskare sun lalace, ko da ido bai ga bambanci ba. Kwalbar da aka ciro daga aljihu ko daga kan kanta, a bar ta.

Muna roƙon hukumomin asibitoci su ƙara shafi guda cikin katin masu ciwon sukari, inda za a rubuta sakamakon gwajin hanta, da sunan kowace allura, da ranar da aka yi ta, da ranar dawowa. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba, kuma akawunan da ke riƙe da katunan nan su ne suka fi kowa iya tuna wa mutum cewa Yulinsa ya zo. Muna kuma roƙo a hana zagayawa da alkalamin huda yatsa ɗaya tsakanin mutane, a asibiti ne ko a shago ko a taron gwaji, a koma ga tsinin nan da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Kafin hukuma ta kai ga wannan, mai ciwon sukari ya riƙa tafiya da nasa alkalamin huda, kada ya ara wa kowa, ko da matarsa ce, haka kuma alkalamin insulin. Ya ware shafin ƙarshe na littafin da yake rubuta sukarinsa ya jera ranakun nan da hannunsa, ya nuna wa likita a zuwa na gaba.