Jirgin Tsakar Dare: Wace Rana Ce a Tikiti?

Yau za mu duba wani lissafi da ya sha sa mutanenmu asarar kuɗin jirgi, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi.

A ce ɗan'uwa ya gama Umara zai dawo gida, tikitinsa ya nuna tashi daga Jidda `15MAR 0040`, kuma 15 ga wata Juma'a ce. Sai ya ce wa 'yan ɗakinsu, ai daren Juma'a zai tashi. Ya yi Masallacin Juma'a, ya ƙarasa tsarabarsa, bayan isha'i ya nufi filin jirgi. Yana zuwa za a ce masa jirginsa ya tashi tun awa ashirin da suka wuce.

Dalili kuwa, ranar tikiti ƙarfe sha biyu na dare take juyawa. 0040 na nufin minti arba'in bayan shigar Juma'a, wato daren Alhamis wayewar Juma'a. Ke nan ranar Alhamis 14 ga wata, wajen ƙarfe tara da rabi na dare, ya kamata a gan shi a filin jirgi, tun da jirgin ƙetare yana son a iso kamar awa uku kafin tashi. Abin mamaki, iyayenmu da ke ƙidayar dare kafin yini, masu kiran daren Alhamis da sunan daren Juma'a, sun fi mu kusa da daidai a nan. Mu da muka gauraya ƙidaya biyu ne muke ruɗewa. Shi ya sa muke roƙo, idan ana zancen jirgi a bar cewa "daren kaza" kawai, a faɗi ranar da za a bar masauki da ranar da za a wayi gari. Wasu takardun 12:40 AM suke rubutawa, shi ma lokacin nan ne, ba na rana ba.

Asarar ba ƙarama ba ce. Wanda bai zo ba, yawanci sai ya biya tara ko ya sayi sabon tikiti. In kuwa tun a tafiya jirgin ya kuɓuce masa, galibin kamfanoni suna soke sauran zangon da ke kan tikitin, har da na dawowa.

Sai batun sauka. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da aka ambata ne: na tashi agogon inda aka tashi, na sauka agogon inda aka sauka. Saudiyya tana gaban Gana da awa uku, rani da damina. A ɗauka tafiyar awa shida ce babu tsayawa. Lokacin da jirgin ya ɗaga a Jidda 0040, a Akara ƙarfe 9:40 ne na daren Alhamis. A ƙara awa shida, sai ya sauka 0340, kafin asubahin Juma'a. Mai duba tikiti zai zaci awa uku kaɗai za a yi a sama, alhali shida ce. Masu tarya daga Kumasi, in sun jira sai Juma'a ta waye su shiga mota, baƙonsu zai yi rabin yini yana gadin kaya. Da yammacin Alhamis za su kama hanya.

A tafiya kuma lissafin juyewa yake yi. Jirgin da ya bar Akara 2230 ranar Litinin, bayan awa shida agogon hannunmu zai nuna 4:30, na bangon Jidda kuwa 7:30 na safiyar Talata. A gefen lokacin sauka za a ga `+1`. Wannan ba ƙarin awa ɗaya ba ne kamar yadda muka ji wasu na fassarawa, ma'anarsa washegari. Ita ce ranar da za a faɗa wa mai tarya.

Masauki ma yana da nasa tarkon. Wanda zai sauka ƙarfe 0130 na Talata, daren Litinin zai kama wa ɗaki, ya kuma sanar da su cewa zai iso a makare. In ya kama na Talata, ba lalle su ba shi mabuɗi ba sai bayan azahar.

Masu 'ya'ya a Landan su lura da wani abu. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogonmu ɗaya da nasu, sauran watannin kuma suna gabanmu da awa ɗaya. Tikiti ya riga ya yi wannan gyaran da kansa, don haka kada a ƙara masa komai, kada a rage. In yaro ya bugo waya ya ce sha ɗaya zai sauka, a tambaye shi sha ɗayan ina, a kuma sa shi ya karanto abin da aka rubuta a gaban ACC, da rana da lambobi huɗun nan.