"A ƙarasa kawai, za mu san yadda za a yi"

Wannan makon zan taɓo masu injin casar shinkafa ne, kuma na san da yawansu suna cikin wannan zaure. Ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya taɓa aiki a inji a Wurno ko Goronyo lokacin da shinkafar fadama ta shigo ya san wannan magana. Biyar ta yi, buhuna na jibge, motar mai kaya na jira, sai maigida ya leƙo ya ce a ƙarasa kawai, za a san yadda za a yi. Yaro ya yi aiki har bayan magariba. Washegari ba wanda ya sake tayar da zancen, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Ni a wurina wannan cin gumin mutum ne, ko da an yi shi cikin fara'a.

Aiki ba ya zarce lokaci bagatatan. Mu ɗauka injinka na cashe buhu 6 a awa, ana tashi ƙarfe 5. Da ƙarfe 3 ka ƙirga, saura buhu 24. Aikin awa huɗu ke nan, ba za a gama ba sai 7, in ma bel bai tsinke ba. Ashe tun ƙarfe 3 an san akwai awa biyu a sama, kuma a lokacin ya kamata a yi magana, domin a lokacin ne kowa ke da zaɓi: a bar buhu 12 su kwana, ko a kira wani ya karɓa, ko a tsaya a biya. Shinkafar da ta bushe ba abin da zai same ta kafin safe. Ba kankare ba ce da in an fara zubawa dole a kai ƙarshe. Sau da yawa gaggawar ta mai mota ce kawai, to in haka ne shi ma ya sa hannu a aljihu.

A nan mai tuƙa injin ma yana da laifi. Kai ke ganin buhunan, kai ka san ƙarfin injinka. In ka yi shiru sai biyar ta buga sannan ka fara ɓata rai, ka zubar da damarka. Je ka same shi da wuri ka ce: "Alhaji, saura 24, ba za mu gama ba sai bakwai. Mu tsaya ne? In za mu tsaya, nawa ne awa?" A faɗi kuɗin a gaban mutum na uku, a rubuta a littafin da ake rubuta buhuna, da lokacin da aka gama.

Lissafin ba wuya. Wanda ake ba naira 4,000 a yinin awa takwas, awarsa naira 500 ce, awa biyu 1,000. In an daidaita a kan ɗaya da rabi, yadda wasu kamfanoni ke yi, 1,500 ke nan. Buhu 12 da aka cashe a awa biyun nan kuwa ba kyauta maigida ya yi wa mai kaya ba.

Wani zai ce ai doka ta ce a ninka. Ba ta ce ba. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce duk abin da ya haura awoyin da aka amince da su ƙarin lokaci ne, ya kuma ba wanda zai yi awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da yinin hutu guda a cikin kwana bakwai. Amma bai yanke farashi ba, ya bar shi ga yarjejeniya. Shi ya sa wanda bai yi ciniki kafin aiki ba zai tashi ba shi da abin kamawa.

Na san amsar iyayen gida: muna ba su abinci, muna biyan magani in 'ya'yansu ba lafiya. Allah ya saka da alheri. Sai dai alheri kai ke zaɓar ranar yin sa, haƙƙi kuwa ko ranka ba ya so sai ka bayar.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Mu nan gabashin Sakkwato dare ba kamar na da ba ne. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, kuma kowa ya san hanyoyin ƙauyukan Rabah da ba a bi in rana ta faɗi. Yaron da ke zuwa daga ƙauye a babur, in ka riƙe shi har bakwai, wace hanya zai bi? Kafin a yi zancen nawa, a tambaye shi inda zai kwana. In babu wurin kwana a gari, a sallame shi biyar ɗinsa, ɗan cikin gari ya ƙarasa, kuma kada gobe a yi masa gori ko a rage masa ko kwabo don ya tafi.