A Rubuta Abin da Ido Ya Gani Kafin a Shiga Nema

Idan hoto mai tayar da hankali ya faɗo a waya, hanzarin mafi yawan masu bincike shi ne su jefa shi cikin Google Lens ko TinEye su ga inda ya taɓa fitowa. Wannan gaggawa kuskure ce. Aikin farko shi ne a ɗauki takarda, a rufe bayanin da aka liƙa wa hoton, a jera abin da ido ya gani ɗaya bayan ɗaya.

Dalili kuwa, injin nema yakan dawo da hoton ne tare da maganganun mutane a kansa. Da zarar mai bincike ya karanta sunan wani gari sau uku, idonsa ya daina kallo, ya koma neman abin da zai gaskata sunan. Jerin da aka rubuta tun kafin a ji ta bakin kowa shaida ne da ba a riga an gaya masa abin da zai faɗa ba.

A watan Yuli na 2018 wani bidiyo ya bazu, inda wasu masu kayan soja suka harbe mata biyu da yara biyu. Wasu suka ce a Mali ne, gwamnatin Kamaru kuma ta ce labarin ƙarya ne. Wanda ya tsayar da bidiyon ya dube shi a matsayin hoto, ga abin da zai iya rubutawa: tsauni mai wani irin tsari a can nesa, hanyar ƙasa, bishiyoyi tsilla-tsilla, 'yan gine-gine, inuwar mutane a ƙasa, bindiga, da zanen kakin da ke jikinsu.

Da irin waɗannan alamu sashen Africa Eye na BBC da abokan aikinsa suka warware lamarin a watan Satumba na shekarar. Tsarin tsaunin ya dace da na kusa da Zelevet, a lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Nijeriya. Gine-ginen da aka gwada da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam suka taƙaita shekarun, inuwa kuma ta matse lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilu, 2015. Bindigar ita ce Zastava M21, ƙirar Sabiya, wadda wasu rundunonin Kamaru ke riƙewa. A 2020 kotun soja ta yanke wa sojoji huɗu ɗaurin shekara goma-goma.

Abin lura shi ne kowace alama tambaya ɗaya ta amsa. Tsauni ya faɗi wuri, gini da inuwa suka faɗi lokaci, bindiga da kaki suka nuna masu laifi. Saboda haka idan an gama jeri, sai a rubuta a gefen kowane layi tambayar da zai iya amsawa, sannan a fara da wanda ya fi rage zato. Busasshiyar ƙasa da hanyar turɓaya ana samunsu daga Senegal har Sudan, ba su raba gardama. Tsauni mai ƙololuwa iri kaza kuwa wuri ɗaya yake, kuma ba ya ƙaura.

Inda jerin yakan lalace shi ne inda fassara ta saci jiki ta shiga. Wanda ya rubuta "sojan Kamaru" ya riga ya yanke hukunci. Abin da ya gani mutum ne sanye da kaki mai zane kaza. Hanyar ganewa ita ce a tambayi kowane layi: shin za a iya ɗora yatsa a kansa cikin hoton? In ba za a iya ba, a mayar da shi wani shafi na zato. Abin da bai fito sarai ba kuma a rubuta cewa bai fito ba, kada a cike gurbin da tsammani.

Masu ganin wannan ɓata lokaci ne suna da hujja: tsohon hoton da aka sauya wa labari, injin nema kan tona shi cikin daƙiƙoƙi. Amma injin ba ya gano asalin abin da ba a taɓa wallafawa ba, kuma sau da yawa yakan kawo wuri mai kama da wanda ake nema. Kama da wane ba ta wane. Mai jeri a hannu zai bi layi-layi: tsaunin ya dace, to ginin fa, bishiyoyin fa? Layi ɗaya da ya ƙi dacewa, ba tare da dalilin da zai bayyana saɓanin ba, ya isa a dakata.

Jerin bai wuce aikin minti goma ba. Hoton da aka danganta da garin da ba nasa ba kuwa yana iya sa a far wa mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba, kuma gyaran da zai biyo baya ba ya kaiwa inda ƙaryar ta kai.