Maris ɗin bara ba shi ne Maris ɗin bana ba

Wannan makon zan taɓo wani lissafi ne da ke sa masu ƙaramar sana'a murnar banza ko baƙin cikin banza. Duk mai karɓar oda ta waya, in wata ya ƙare yakan ƙirga odar da ta shigo, ya kwatanta da ta watan da ya wuce, ya yanke hukunci: kasuwa ta buɗe, ko kasuwa ta mutu. A ganina wannan hukuncin yawanci ba adalci a cikinsa, kuma gyaran da aka saba koyarwa shi ma bai isa ba a ƙasar Hausa.

Mu fara da mai sauƙin. Watanni ba tsawonsu ɗaya ba. Wanda ya samu oda 140 a Fabrairu mai kwana 28, ya samu 155 a Maris mai kwana 31, zai ce ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari. Amma in ya raba kowanne da kwanakinsa, oda biyar ce a rana, can da nan. Ba abin da ya ƙaru sai kwanakin watan. In shagon ba ya buɗewa ran Lahadi, to da kwanakin da aka buɗe za a raba, ba da kwanakin kalanda ba.

Babbar matsalar ita ce kowace haja tana da lokacinta. Mai sayar da man shafawa da rigunan sanyi ya san Disambarsa, mai littattafan rubutu da jakar makaranta ya san Satumbarsa. Saboda haka masana suka ce kada a kwatanta wata da wanda ya gabace shi, a kwatanta shi da takwaransa na bara: Disamba da Disamba, Satumba da Satumba. Shawara ce mai kyau ga duk abin da ke bin kalandar boko, domin hunturu da damina da komawa makaranta ba sa yin nisa da inda aka bar su. Sai dai babbar kakar cinikinmu ba wannan kalandar take bi ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana goma ko sha ɗaya, don haka azumi da Sallah kullum matsowa suke yi. A Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu a 2023, ran 10 ga Afrilu a 2024, ran 30 ga Maris a 2025. Sunan watan yana nan, abin da ke cikinsa ne ya sauya.

Ga misali da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. A ɗauka wata baiwar Allah tana sayar da ɗinkakkun kayan yara da takalma, ana aiko mata oda ta waya. A 2024 ta samu oda 210 a Maris, 130 a Afrilu. A 2025 ta samu 295 a Maris, 40 kacal a Afrilu. Ta bi shawarar masana, ta kwatanta wata da takwaransa. Maris ya ce mata ta ƙaru da kashi 40 cikin ɗari. Afrilu ya ce mata ta faɗi da kashi 69. Wanne za ta gaskata? In ta gaskata na farko, za ta je Kantin Kwari ta saro kaya bashi, kayan su zauna mata har yaran su girme su. In ta gaskata na biyu, za ta sallami yaron da ke kai mata saƙo, wataƙila ma ta fara zargin an shiga tsakaninta da kwastomominta.

Alhali ba ɗaya daga ciki da ya faɗa mata gaskiya. A 2024 an ɗauki azumi ran 11 ga Maris, saboda haka cinikin Sallah ya rabu biyu: wani a Maris, goman ƙarshe kuma, inda iyaye ke rububin kayan yara, kusan duk ta faɗa Afrilu. A 2025 an ɗauki azumi ran 1 ga Maris, cinikin ya tattaru duka a wata ɗaya, aka bar Afrilu fayau da aljihun da Sallah ta riga ta yashe.

Abin da ya kamata ta yi shi ne ta ajiye sunan wata gefe, ta ƙirga daga ranar Sallah ta koma baya. Kwana 30 kafin Sallar 2024 ya kama daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu. Kwana 30 kafin ta 2025 ya kama daga 28 ga Fabrairu zuwa 29 ga Maris. A ce ta buɗe littafinta ta ƙirga, ta samu 280 a na farko, 300 a na biyu. Ƙarin kashi 7 ke nan cikin ɗari. Ba abin buga tambura ba ne, amma shi ne abin da ya faru, kuma da shi za ta iya auna yawan kayan da za ta saro baɗi. Haka za ta yi wa kwana 30 na bayan Sallah, ta kwatanta lokacin ƙamfa da lokacin ƙamfa.

Wannan aikin ba ya yiwuwa sai in ana rubuta kwanan watan kowace oda. Wanda jimlar wata kaɗai yake ajiyewa ya riga ya zubar da abin da zai yi gyaran da shi. Kuma ranar da aka ba da odar ake so, ba ranar da aka kai kayan ba. Tsawon kwanakin ma ya danganta da sana'a. Tela yakan rufe karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, don haka kwana 30 ba za su kama kakarsa ba, sai ya koma har cikin Sha'aban.

Wani zai ce ai kuɗin haya da albashin yara da bashin banki duk da watan boko ake biya, me zai sa a kawo wani lissafin daban? Gaskiya ne, kuma ban ce a daina ba. Don sanin ko kuɗin hannu zai biya haya a ƙarshen wata, watan boko ne ma'auni. Amma tambayar ko sana'a tana ci gaba wata tambaya ce daban, kuma ita ce ake amsawa da ma'aunin da ba nata ba.

Ƙirge daga Sallah ma yana da iyakarsa. Sallar 2025 ta zo daidai ƙarshen wata, lokacin da ma'aikata ke karɓar albashi, ta 2024 kuwa ta zo kwana goma da shigar wata. In yawancin kwastomomin ma'aikata ne, wani ɓangare na wancan kashi 7 ɗin zai iya zama na albashi ne kawai. Sannan akwai abin da ba kaka ba ne sam. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya taɓa cinikin mutane da yawa. Duk wanda ya kwatanta Fabrairun 2024 da na 2023 yana kwatanta kansa ne da watan da bai kamata a yi awo da shi ba. Irin wannan sai a rubuta shi a gefen shafi, a nemi wata shekarar a ƙara dubawa.

Kuma a lura, duk lissafin nan da yawan oda na yi shi, ban yi da naira ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, ta yadda kuɗin da ke shigowa zai iya fin na bara nesa ba kusa ba, alhali takalman da suka fita daga shagon sun ragu. Wanda yake son duba nairar sai ya ajiye ta a layinta daban, kusa da yawan odar da yawan kayan da ke cikin kowace oda.