Ka Rubuta wa Ɗan China Turanci, Ba Kacici-kacici Ba

Matasanmu da ke sayo kaya daga Guangzhou sun iya Turanci, amma iyawar ce ke jawo musu asara. Ka rubuta wa mai kamfani "ASAP", alhali shi ma koyon Turancin ya yi. Yaushe ke nan? Gobe? Wata mai zuwa?

Kwanan wata ya fi haɗari. In ka rubuta 03/04/25, kai 3 ga Afrilu kake nufi. Su kuwa a China da shekara ake farawa, sai wata, sannan rana. Rubuta sunan watan, malam: "Please ship 500 pieces before 3 April 2025." Haka kuɗi: alamar $ kaɗai ba ta isa ba, tunda Hong Kong ma dala suke kashewa. Sa USD.